Buhu nawa taki ke ƙarawa? Yadda ake jan layi a zanen Excel da yadda ake karanta shi

Sau da yawa idan aka buɗe kundin kammala karatu na ɗalibin aikin gona, ko rahoton da wata ƙungiya ta rubuta wa masu ba ta tallafi, akan tarar da zane mai ɗige-ɗige, an ratsa su da miƙaƙƙen layi. A gefe guda akwai ɗan lissafi da ya fara da harafin y, a ƙarƙashinsa kuma an rubuta R² da wata lamba. Mai karatu ya kalla ya wuce. Shi kansa wanda ya yi zanen, idan aka tsare shi da tambaya, wani lokaci iyakar abin da zai ce shi ne lambar ta kusa kai ɗaya, don haka aiki ya yi kyau.

Manhajar Excel ta kamfanin Microsoft, wadda ta fara fitowa a 1985, tana jan wannan layi cikin ƙiftawa da bismillah. Sauƙin ne ma ya jawo matsalar. Abin da a da sai mutum ya zauna da takarda da alƙalami ya lissafa, har ya san abin da kowace lamba ke nufi, yanzu danna uku ko huɗu ne. Layin zai fito ko alƙaluman sun dace da shi ko ba su dace ba, kuma manhajar ba za ta ɗaga wa kowa hannu ta ce a dakata ba.

Don a ga abin da kyau, a ɗauki misalin wani malamin gona da ke bin manoman masara shida na wata ƙungiya. Kowannensu ya noma kadada ɗaya. Malamin ya rubuta buhunan takin zamani da kowa ya zuba, da buhunan masarar da ya girbe. Waɗannan alƙaluma na koyo ne, an zaɓe su ne domin lissafin ya fito fes, kuma duk mai kwamfuta zai iya shigar da su ya ga abin da za a faɗa da idonsa.

| Taki | Masara |
|---|---|
| 1 | 12 |
| 2 | 19 |
| 4 | 26 |
| 5 | 28 |
| 8 | 37 |
| 10 | 40 |

Tambayar da 'yan ƙungiyar za su yi wa malamin a taro ba ta wuce ɗaya ba: "Malam, in mutum ya ƙara buhu ɗaya na taki, buhu nawa na masara zai ƙaru?" Amsar wannan tambaya ce layin zai bayar.

Daga jadawali zuwa layi

Ana sa taki a ginshiƙin hagu, wato A, masara kuma a na dama, wato B. Wannan jeri ba na ado ba ne. Excel yana ɗaukar ginshiƙin hagu a matsayin x, ya shimfiɗa shi a kwance a ƙasan zane, ya ɗauki na dama a matsayin y, ya miƙe shi a tsaye. Abin da ake zaton shi ne sanadi, ko abin da mutum ke da ikon ƙarawa da ragewa, shi ke zama a hagu. Abin da ake jiran gani ya biyo baya yana dama. Idan aka juya su, zane zai fito, layi ma zai fito, amma zai amsa wata tambaya ce daban da wadda aka yi.

Sai a zaɓi ginshiƙan biyu, a je `Insert`, a ɗauki zanen da ake kira `Scatter`, wanda ke nuna ɗige-ɗige zalla. Kowace gona za ta zama ɗigo ɗaya. A nan ya kamata mutum ya ɗan dakata ya kalli ɗigon shida kafin ya taɓa komai, ya ga ko suna hawa tare, ko suna lanƙwasa, ko akwai wanda ya ware shi kaɗai.

Bayan haka sai a ɗora linzamin kwamfuta a kan ɗaya daga cikin ɗigon, a danna maɓallin dama, a zaɓi `Add Trendline`. Daga Excel na 2013 zuwa yau akwai kuma alamar + a kusurwar zanen, wadda ke kai mutum wuri guda. Wani shafi mai suna `Format Trendline` zai buɗe a gefen dama da nau'o'in layi shida. Wanda ke miƙe shi ne `Linear`, kuma shi ne aka saba farawa da shi. A can ƙasan shafin akwai ƙananan akwatuna biyu da sai an danna su da hannu: `Display Equation on chart` da `Display R-squared value on chart`. Masu aiki da Excel na Faransanci, kamar a ofisoshin Maraɗi da Damagaram, za su ga zanen da sunan `Nuage de points`, umarnin kuma `Ajouter une courbe de tendance`.

Idan aka danna maɓallin dama aka ga umarnin ya dushe ba ya dannuwa, galibi nau'in zanen ne bai karɓar layi. Zanen da'ira mai yanka-yanka, da zanen da aka ɗora ginshiƙai kan juna, da mai fuska uku, duk ba sa karɓa.

Da alƙaluman malamin gona, ga abin da zai bayyana a kan zanen:

```
y = 3x + 12
R² = 0.9643
```

Uku da goma sha biyu

A wannan lissafi x yana nufin buhunan taki, y kuma buhunan masara. Lambar da ke manne da x, wato 3, ita ce amsar tambayar manoma. Tana cewa a tsakanin waɗannan gonaki shida, duk buhu ɗaya na taki da aka ƙara yana tafiya da ƙarin masara buhu uku, idan aka bi matsakaici. Ba a ce kowane manomi zai samu uku daidai ba. Daga gona ta farko zuwa ta biyu buhu ɗaya ya kawo bakwai, daga ta uku zuwa ta huɗu kuwa biyu kacal ya kawo. Uku ita ce lambar da ta fi wakiltar su duka.

Wannan lamba kaɗai ta isa a yanke shawara da ita. Manomi ya san kuɗin buhun taki a kasuwa, ya san kuɗin buhun masara lokacin kaka. Muddin buhun taki da ladan zuba shi ba su kai kuɗin masara buhu uku ba, ƙarin takin ya biya kansa. Da a ce lambar ta fito da alamar ragi a gabanta, da ma'anar ita ce ana ƙara taki amfani yana raguwa, kuma layin zai gangara ne daga hagu zuwa dama.

Ita kuwa 12 ita ce inda layin ya taɓa sandar tsaye, wato abin da lissafi ke cewa za a girbe idan ba a zuba taki ko kaɗan ba. A nan akwai buƙatar hattara. Babu ko gona ɗaya cikin shida da aka bari ba taki. Saboda haka 12 hasashe ne da layin ya yi da kansa, ba abin da wani ya auna a gona ba. Hasali ma gonar da aka sa wa buhu ɗaya 12 ɗin ta samu, abin da ke nuna cewa wadda ba a sa wa komai ba mai yiwuwa ta gaza haka.

Da lissafin a hannu, malamin zai iya amsa wa manomin da ke da niyyar zuba buhu bakwai. Bakwai sau uku 21 ke nan, a ƙara 12, ya zama 33. Bakwai tana tsakanin biyar da takwas, inda akwai gonakin da aka auna hagu da dama, don haka wannan hasashe yana da ƙasa a ƙarƙashinsa.

To me ya sa Excel ya zaɓi wannan layi cikin dubban layukan da za a iya ja? Kamar igiyar da magini ke ɗaurewa don jera bulo, layin bai bin kowane ɗigo, sai dai a auna kowane ɗigo da shi. Ga gona ta farko layin ya ce 15, aka samu 12, an gaza da uku. Ga ta biyu ya ce 18, aka samu 19. Ta uku ya ce 24, aka samu 26. Ta huɗu da ta biyar kowacce ta zarce da ɗaya, ta shida kuma ya ce 42, aka samu 40. Ana ɗaukar kowane giɓi a ninka shi da kansa, domin gazawa da zarcewa kada su cinye juna, sannan babban kuskure ya fi ƙarami nauyi. Uku ya zama tara, biyu ya zama huɗu, ɗaya yana nan ɗaya. Idan aka haɗa duka shida za a samu 20. Duk wani miƙaƙƙen layi da za a gwada a kan waɗannan ɗige-ɗige, jimillarsa za ta haura 20. Wannan ne dalilin zaɓensa.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Masanin lissafi ɗan Faransa Adrien-Marie Legendre ne ya fara buga ta a 1805, a cikin littafinsa kan gano hanyar taurari masu wutsiya. Bajamushe Carl Friedrich Gauss ya buga tasa a 1809, yana mai cewa tun 1795 yake aiki da ita.

Abin da R² ke aunawa

A ɗauka malamin bai san komai game da takin da kowa ya zuba ba, aka ce ya cinki amfanin kowace gona. Abin da ya fi masa shi ne ya faɗi matsakaici. Gonakin shida sun ba da buhu 162, a raba shida, 27 ke nan. Idan ya ce wa kowa 27, zai kuskure gona ta farko da buhu 15, ta biyu da takwas, ta uku da ta huɗu da ɗaya-ɗaya, ta biyar da goma, ta shida da 13. A ninka kowanne da kansa a haɗa, za a samu 560. Wannan ita ce jimillar bambancin da ke tsakanin gonakin.

Da aka ba shi labarin taki ya ja layi, kuskuren ya sauko daga 560 zuwa 20. Wato 540 sun tafi. A raba 540 da 560, amsar ita ce 0.9643, lambar nan da Excel ya rubuta. Ma'anarta a taƙaice: kusan kashi 96 cikin 100 na bambancin amfanin da ke tsakanin gonakin nan shida yana tafiya tare da bambancin takin da aka zuba. Ragowar kusan kashi huɗu na wasu abubuwa ne da ba a sa a jadawali ba, irin su ƙarfin ƙasa da lokacin shuka da yawan noma.

A miƙaƙƙen layi irin wannan, lambar tana tsakanin sifili da ɗaya. Idan ɗaya ce cif, kowane ɗigo yana kan layi. Idan ta kusa sifili, layin bai fi faɗin matsakaici amfani ba.

Akwai fassarori biyu da suka yaɗu, kuma dukkansu kuskure ne. Wasu na cewa 0.96 na nufin hasashen zai yi daidai sau 96 cikin 100. Lambar ba ta magana a kan haka sam. Tana auna yadda ɗige-ɗigen da ke hannu suka kusanci layi ne kawai. Wasu kuma na cewa ta tabbatar taki ne ya kawo ƙarin. A harkar masara kowa ya san taki na aiki, amma jadawalin nan shi kaɗai bai isa hujja ba. Manomin da ke da halin sayen buhu goma, shi ne kuma mai halin sayen ingantaccen iri, ya biya 'yan ƙwadago su yi noma a kan kari. Wani ɓangare na buhu ukun nan da aka jingina wa taki yana iya zama na iri ne ko na noma. Layin bai san wannan ba, domin ginshiƙai biyu kawai aka ba shi. Shi ya sa a cibiyoyin bincike ake raba fili ɗaya zuwa ƙananan filaye, a shuka iri ɗaya rana ɗaya, a bambanta taki kaɗai.

Haka nan babu wata lamba guda da za a ce daga nan ne aiki ya yi kyau. Mai gwada na'urar awo a ɗakin gwaji yana neman abin da ya kusa ɗaya sosai, domin a wurinsa ɗan kaucewa alama ce ta matsala. Mai nazarin halayen mutane ko amfanin gonakin manoma daban-daban yana iya samun 0.4 kuma ya koyi abu mai amfani, tunda abubuwan da ke taɓa sakamakon suna da yawa.

Kuskuren da ke zuwa da lamba mai kyau

Mafi haɗarin kuskure a wannan aiki shi ne wanda ba ya kama da kuskure. A ce malamin, maimakon `Scatter`, ya ɗauki zanen `Line`, wanda mutane suka fi sabawa da shi. Zane zai fito da kyau. Zai ƙara layin alƙibla kamar yadda aka bayyana, sai ya ga wannan:

```
y = 5.6x + 7.4
R² = 0.98
```

R² ya ƙaru. Wanda aka koya wa cewa babbar lamba ita ce nasara zai yi murna ya kai wannan gaban taro, ya ce buhun taki yana kawo masara fiye da buhu biyar da rabi. Wannan kuwa ba gaskiya ba ne. A zanen `Line`, Excel ba ya lissafi da lambobin taki. Yana ɗaukarsu a matsayin sunaye ne kawai, ya jera gonakin da tazara iri ɗaya, ya ƙirga su ɗaya, biyu, uku har shida. Don haka 5.6 tana nufin ƙarin da ake samu daga gona zuwa gonar da ke bi mata a jeri, abin da ba shi da wata ma'ana ga manomi. Wanda ya dogara da ita ya zuba buhu bakwai zai sa ran kusan buhu 47, alhali alƙaluman 33 suka nuna.

Ana gane wannan da ido. A duba sandar kwance: idan tazarar da ke tsakanin 1 da 2 daidai take da wadda ke tsakanin 5 da 8, zanen ba na ɗige-ɗige ba ne. Hanya ta biyu ita ce a sa Excel ya lissafa a cikin jadawalin kansa, ba tare da zane ba:

```
=SLOPE(B2:B7,A2:A7)
=INTERCEPT(B2:B7,A2:A7)
=RSQ(B2:B7,A2:A7)
=FORECAST.LINEAR(7,B2:B7,A2:A7)
```

Na farko zai ba da 3, na biyu 12, na uku 0.9643 da 'yan lambobi a bayansa, na huɗu 33. A lura cewa a nan ginshiƙin y ne ke zuwa farko. Idan abin da ke kan zane ya saɓa da waɗannan, zanen ne ke da laifi. A Excel na Faransanci ukun farko su ne `PENTE`, `ORDONNEE.ORIGINE` da `COEFFICIENT.DETERMINATION`.

Lissafi a cikin jadawali yana da wata fa'ida kuma. Rubutun da ke kan zane ana datse masa lambobi don ya shiga wuri. A misalin taki wannan bai dami kowa ba. Amma idan x shekara ce kamar 2024, kuma layin mai lanƙwasa ne da ke ninka x da kansa, lambar da ake ninkawa ta haura miliyan huɗu. Kuskuren 0.0001 a lambar da aka kwafa daga zane zai karkatar da amsa da fiye da 400. Wanda dole sai ya kwafa daga zanen, ya danna maɓallin dama a kan rubutun, ya zaɓi `Format Trendline Label`, ya ƙara yawan lambobin da ke bayan ɗigo.

Gona ta bakwai

A ce an samu manomi na bakwai da ya zuba buhu shida, amma ƙuduji ya ci gonarsa, ya tashi da buhu goma. Ana shigar da shi, lissafin zai koma `y = 2.7183x + 10.592`, R² kuma ya faɗo zuwa 0.5567. Gona ɗaya ta rage lambar daga kashi 96 zuwa kashi 56, alhali taki bai daina aiki a sauran shida ba. Ninka giɓi da kansa da ake yi shi ke ba ɗigo ɗaya da ya yi nisa irin wannan ƙarfi.

Jarabawar da ke gaban malamin a nan ita ce ya goge gonar don lamba ta yi kyau. Idan ya je ya ga ƙudujin da idonsa, yana da hujjar ware ta, da sharaɗin ya rubuta a rahoto cewa ya ware ta da dalilin da ya sa. Idan kuwa bai san dalilin faɗuwarta ba, goge ta ha'inci ne, kuma ya yi asarar labari mafi muhimmanci a jadawalin: cewa akwai gonar da taki bai cece ta ba.

Masanin ƙididdiga ɗan Birtaniya Francis Anscombe ya nuna girman wannan al'amari a 1973. Ya shirya jadawali huɗu, kowanne da ɗigo 11, duka suna ba da kusan layi ɗaya, `y = 0.5x + 3`, da R² kusan 0.67. Da aka zana su sai ga abubuwa huɗu mabambanta. Ɗaya ɗige-ɗige ne a warwatse kewaye da layi. Ɗaya lanƙwasa ce sak. Ɗaya miƙaƙƙen jeri ne da ɗigo guda ya kauce masa. A na ƙarshe kuwa ɗigo goma suna tsaye a wuri ɗaya, guda ɗaya da ke can nesa shi kaɗai ya ja layin. Wanda aka ba lambobin kawai ba zai taɓa sanin wanne ke gabansa ba.

Inda layin ya ƙare

A koma ga gonaki shida na asali, a sake duban giɓin nan da aka lissafa. Gona ta farko tana ƙasan layi, huɗu na tsakiya duk suna samansa, ta ƙarshe ta sake faɗowa ƙasa. Da kaucewar ta sa'a ce kawai, da an gan ta a cakuɗe, wannan sama wancan ƙasa. Irin wannan tsari na ƙasa, sama, ƙasa alama ce ta cewa alƙaluman suna lanƙwasa, kuma R² na 0.96 bai nuna hakan ba ko kaɗan. Duk manomi ya san dalili: buhunan farko sun fi na ƙarshe aiki, domin akwai iyakar abin da shuka za ta iya ci.

A shafin `Format Trendline`, idan aka zaɓi `Polynomial` aka bar `Order` a kan 2, layin zai ɗan rusuna, rubutun ya koma haka:

```
y = -0.2031x² + 5.2344x + 7.9375
R² = 0.9926
```

Alamar ragi da ke gaban lamba ta farko ita ce ke cewa ƙarin yana raguwa yayin da taki ke yawa. Wannan layi ya fi dacewa, ba don R² ya ƙaru ba, sai don abin da aka sani game da shuka ya goyi bayansa. Ƙaruwar R² ita kaɗai ba hujja ba ce, domin duk lokacin da aka ɗaga `Order` lambar ba ta taɓa raguwa. Excel yana bari a kai har shida. Da ɗigo shida, idan aka sa shi a kan biyar, layin zai yi ta karkace-karkace har ya bi ta kan kowane ɗigo, R² ya zama ɗaya cif, kuma ba zai iya faɗin komai game da gona ta gaba ba.

Yanzu a gwada layukan biyu da tambaya ɗaya. Ga buhu bakwai, miƙaƙƙe ya ce 33, mai lanƙwasa ya ce kusan 35. Sun yi kusa, domin akwai gonakin da aka auna a kewayen wurin suna riƙe da su. Amma a shafin akwai wurin da aka rubuta `Forecast`, inda ake iya sa lamba a `Forward` don a miƙa layin gaba. A miƙa shi zuwa buhu 20. Miƙaƙƙen layi zai yi alkawarin buhu 72. Mai lanƙwasa zai hau zuwa wajen buhu 42 a daidai taki buhu 13, sannan ya juyo ƙasa, ya ce buhu 31 a kan 20. Layi biyu ne daga jadawali ɗaya, kowanne da R² sama da 0.96, amma tsakanin amsoshinsu akwai buhu 41.

Babu ɗaya daga cikinsu da ya san gaskiyar abin da zai faru, domin gonar da ta fi kowa taki buhu goma aka zuba mata. Excel zai zana ɓangaren da aka miƙa da launi ɗaya da kauri ɗaya da ɓangaren da aka auna, ta yadda mai kallo ba zai bambance su ba sai ya ƙirga inda ɗige-ɗige suka tsaya.

Abin da malamin gona zai iya faɗa wa ƙungiyar da gaba gaɗi ke nan. Tsakanin buhu ɗaya da goma, kowane buhun taki yana tafiya da ƙarin masara wajen buhu uku, na farko-farko sun fi haka, na ƙarshe-ƙarshe ba su kai ba. Mai zuba bakwai ya sa ran 33 zuwa 35 idan damina ta yi kamar wadda aka auna. Wanda ya tambayi buhu 20 kuwa, amsarsa ita ce a ware ɗan fili a damina mai zuwa, a zuba, a girbe, a auna, sannan a ƙara ɗigon a jadawali.